Tsarin Kano a shagon gyaran waya: abin da yake dole, abin da ake aunawa, da abin da ke burgewa

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da shagon gyaran waya, ni da yara uku, shekara shida ke nan. Na tara naira dubu 600 ina so in zuba a shagon. Tunanina in sa na'urar sanyaya ɗaki da talabijin, kuma duk wanda ya canza sikirin in liƙa masa sikirin-gad kyauta. Ƙanina da ke karatun kasuwanci ya ce kafin in kashe ko kwabo in fara duba tsarin Kano. Mene ne shi, kuma ta yaya zai yi wa sana'a irin tawa aiki?"

Wa alaikumus salam, Injiniya. Allah Ya yi wa ƙanin naka albarka, ya ba ka shawara mai kyau, ka riƙe kuɗin nan tukuna na mako biyu ko uku.

Da farko, sunan ba na Kanon Dabo ba ne. Sunan wani malamin jami'a ne ɗan ƙasar Japan, Farfesa Noriaki Kano, na Jami'ar Kimiyya ta Tokyo, wanda shi da abokan aikinsa suka fitar da wannan tsari a 1984. Ya ɗauko tushen tunanin daga binciken Frederick Herzberg na 1959 a kan ma'aikata, inda aka lura cewa abin da ke sa ma'aikaci ɓacin rai daban yake da abin da ke sa shi jin daɗin aiki. Farfesa Kano ya ce haka ma mai saye yake. Kafin nan, an fi ɗauka cewa gamsuwar kwastoma hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya: ka ƙara inganci ya ƙara jin daɗi, ka rage ya rage. Shi kuwa ya nuna cewa abubuwan da kake yi wa kwastoma ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai wanda in ka yi ba za a gode maka ba, in ka bari kuma a tsane ka. Akwai wanda ake auna ka da shi gwargwadon yadda ka yi. Akwai kuma wanda ba wanda ya sa rai da shi, in ya samu sai ya tafi yana ba da labarinka. Zan kira su na dole, na gwargwado, da na burgewa.

Na dole shi ne inda nake so mu daɗe, domin a nan shagunan gyaran waya suka fi zubar da kwastomomi ba tare da sun sani ba.

Ka tuna ranar ƙarshe da wani ya shigo shagonka ya ce, "Injiniya, don Allah in ka canza sikirin ɗin kada ka cire mini batirina ka sa tsoho, kuma kada yaranka su buɗe hotunan iyalina." Da wuya ka taɓa jin haka. Ba don bai damu ba, sai don yana ganin abu ne da ba sai an faɗa ba, kuma faɗarsa ma kamar zargi ne. Halin buƙatun dole ke nan: ba su da baki. In ka tambayi mutum abin da yake so a wurin mai gyara zai ce sauri da sauƙin kuɗi, ba zai ambaci amana ba. Amma ranar da ya karɓi wayarsa ya buɗe WhatsApp ya ga wani saƙo da bai karanta ba ya nuna an karanta, shi ke nan. Ba zai yi maka faɗa ba, mu mutanen nan ba mu cika yi ba. Zai ce "Allah Ya saka da alheri", ya tafi, ya faɗa wa matarsa da abokansa na majalisa, kai kuma kana zaune kana mamakin abin da ya sa ba ka ƙara ganinsa ba.

Waya ba kamar rediyo ko fanka ba ce. A cikinta akwai manhajar banki, akwai layin da lambar sirrin cire kuɗi take shigowa, akwai hotunan mata da yara, akwai saƙonnin murya na cikin gida. Saboda haka sirri shi ne na dole na farko a sana'arka. Na biyu shi ne wayar ta fita ba ta fi yadda ta shigo lalacewa ba. Wannan ya fi yadda ake zato wahala. An kawo maka waya sikirin ya fashe, yaro ya canza, hoto ya fito tas, kowa ya yi murna. Sai mai wayar ya je gida ya amsa kira, ya kara a kunne, sikirin bai mutu ba, kumatunsa na ta danna abubuwa har kiran ya katse, saboda ƙaramar na'urar da ke gane an kara waya a kunne ba ta zauna daidai ba ko gam ya rufe ta. Ko kuma wayar Samsung ce mai karanta zanen yatsa ta cikin sikirin, aka sa mata kwafi mai arha wanda ba irin nata na asali ba, zanen yatsan ya daina aiki ɗungurungum. A iPhone kuma, in ba a kwashe bayanan tsohon sikirin an ɗora wa sabon ba, sau da yawa True Tone, wato tsarin da ke daidaita launin sikirin da hasken wuri, yakan ɓace. Duk waɗannan, a idon yaronka an gama aiki. A idon mai waya an gyara ɗaya an ɓata ɗaya.

Na uku shi ne kada a yi wa mutum filashin ba da izininsa ba. Na taɓa zama a wani shago ina jiran tawa wayar, wata dattijuwa ta zo karɓar tata da jikanta ya kawo saboda tana maƙalewa a kan tambarin kunnawa. An gyara, tana aiki lafiya. Ta karɓa ta fara neman hotunan aikin Hajjinta, babu ko ɗaya. Yaron shagon ya ce ai sai da aka wanke wayar sannan ta tashi. Gaskiya ya faɗa, wataƙila ma babu wata hanyar. Amma ba wanda ya kira ta ya ce, "Hajiya, in muka yi wannan aikin komai zai goge, mu yi ko mu dakata?" Ta tsaya tana kallon wayar, ba ta ce komai ba, ta ɗaure ta a bakin mayafi ta fita. Har yau ina tuna fuskarta. Shagon nan akwai sanyi, akwai kujeru masu laushi, kuma babu ɗayansu da ya rage mata komai daga abin da ta ji.

Abin lura game da na dole shi ne yana da rufi. In ka cika shi ɗari bisa ɗari, iyakar abin da za ka samu shi ne kwastoma bai ɓata rai ba. Ba za ka iya yin "ƙarin rashin satar batir" ba. Don haka ba wurin zuba kuɗi ba iyaka ba ne, wurin toshe ɓaraka ne, kuma yawancin toshewar ba ta cin kuɗi sosai. Littafin rasit mai kwafi biyu da ake rubuta lambar IMEI, wadda ke fitowa in an danna `*#06#`, da halin da wayar ta zo a ciki. Cire layi da mimori a miƙa wa mai su a hannu tun a kan kanta. Ƙa'idar cewa ba a karɓar lambar buɗe waya sai aikin ya buƙata, in kuma Samsung ce ta zamani a kunna mata Maintenance mode, wanda ke ɓoye hotuna da saƙonni har mai ita ya dawo. Gwaji a gaban mai waya kafin a buɗe da bayan an rufe: kira, sifika, maufis, kyamara gaba da baya, caji, zanen yatsa. A yawancin wayoyin Samsung `*#0*#` yana buɗe shafin gwajin launi da taɓi da na'urorin ji. Sannan a mayar wa mutum tsohon kayan da aka cire a cikin leda. Wannan na ƙarshen kaɗai yana kashe zargin musanya kaya tun kafin ya tsiro a zuciya.

Na gwargwado ya fi sauƙin ganewa domin shi ne abin da ake ciniki a kai da baki: kwana nawa zai ɗauka, nawa ne, sikirin ɗin zai yi haske kamar na asali, batirin zai kai yamma. Iya abin da ka yi, iya daɗin da za a ji. Wanda aka gama wa aiki cikin awa ɗaya ya fi na wuni jin daɗi, na wuni ya fi na kwana uku. A kasuwa irin Farm Centre ta Kano, inda masu gyara suke jere kafaɗa da kafaɗa, da wannan ne mai waya yake kwatanta ka da maƙwabcinka. Shawarata a nan ita ce kada ka yi ƙoƙarin fin kowa a komai. Sauri da arha da inganci suna jan juna: in kana so ka fi kowa sauri dole ka ajiye kaya a shago, ajiye kaya kuma jari ne da ke kwance, kuma yana iya tsufa a hannunka in samfurin wayar ya wuce yayi. Ka zaɓi ɗaya ko biyu da za a san ka da su.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka gane. Sauri na gwargwado ne, amma cika alkawarin lokaci na dole ne. In ka ce wa mutum "jibi" ya zo jibi ya samu, ba shi da ƙorafi. In ka ce masa "bayan La'asar" ya biya kuɗin adaidaita sahu ya zo ya tarar ba a ko buɗe wayar ba, ka taɓa na dole, ko da a ƙarshe ka gama da wuri fiye da mai jibi. Masu gyara da yawa suna yin alkawarin gaggawa don kada kwastoma ya wuce gaba, suna neman maki a na gwargwado suna zubar da na dole.

Na burgewa kuwa ka san shi tun kana yaro. Ka je sayen tumatir, an gama auna maka, sai mai kayan ya ɗauko biyu ya jefa a leda. Gyara ke nan, sunan ma ya dace da sana'arka. A shagon waya misalinsa shi ne mutum ya kawo waya ba ta caji yana tsammanin za a ce ƙasan caji ya mutu, ka duba ka ga ƙurar hunturu ce da zaren aljihu suka cushe ramin, ka share cikin minti uku ka ce ya tafi ba komai. Ko ka ba wa mai sana'ar POS ƙaramar wayar aro ya sa layinsa kafin tasa ta fito. Ko ka turo wa mutum hoton cikin wayarsa yana nuna inda ruwa ya ci fanel, don ya ga dalilin kuɗin da aka ce. Ko bayan kwana uku ka aika saƙo kana tambayar yadda batirin yake. In ba ka yi ko ɗaya ba, ba wanda zai riƙe ka a zuciya. In ka yi, ka samu mai tallata ka kyauta.

Sai dai ka duba abin da ya faru da gyaran tumatir. Yau in mai kaya bai ƙara maka ba, kai da kanka za ka ce "ina gyarana?", har ka ji kamar an ƙware ka. Abin da ya fara a matsayin alheri ya koma haƙƙi. Farfesa Kano ya yi bayanin wannan: abu yakan fara ba wanda ya damu da shi, ya zama na burgewa, ya sauko na gwargwado, ya ƙare a na dole. Wannan ya shafi sikirin-gad ɗinka kai tsaye. In maƙwabtanka sun riga sun saba liƙawa kyauta, to ba burgewa za ka saya da kuɗinka ba, cike giɓi kawai za ka yi. In kuma ba wanda ke yi, zai burge na wani lokaci, amma ka sani ranar da ka daina za a ji haushi fiye da a ce ba ka taɓa farawa ba. Kada ka fara kyautar da ba za ka iya ɗorewa da ita ba.

Akwai wasu jinsi biyu da ba a cika ambata ba, kuma dukansu suna da amfani gare ka. Ɗaya shi ne ko-oho, wato abin da samuwarsa da rashinsa duk ɗaya ne a wurin kwastoma. Ɗayan shi ne na akasi, wato abin da kake yi da niyyar kyautatawa amma yana ɓata wa mutum rai. A gyaran waya na akasi yana da yawa: yaro ya sabunta wa mutum manhajar waya ba a sa shi ba, dattijo ya karɓa ya ga komai ya canza wuri. Ko ya goge "tarkace" don a samu fili, ashe a ciki akwai karatun da mutum ke saurare. Ko a ɗauki hoton wayar kwastoma a sa a talla alhali hoton 'yarsa ne a fuskar sikirin.

To ta yaya za ka san wane abu ne ya faɗa wane jinsi a wurin naka kwastomomin, ba a wurin nawa tunanin ba? A nan ne ainihin dabarar take. Ba a tambayar mutum "wannan yana da muhimmanci?", domin komai zai ce e. Ana yin tambaya biyu a kan abu ɗaya, ɗaya in akwai, ɗaya in babu. Misali: "In muka ba ka wayar aro kafin taka ta fito, yaya za ka ji?" Sannan: "In ba mu ba ka wayar aro ba, yaya za ka ji?" Kowace tambaya amsarta ɗaya ce daga cikin biyar: zan ji daɗi, ai haka ya kamata, duk ɗaya ne, zan iya haƙura, ba zan so ba.

Haɗa amsoshin biyu shi ke fitar da jinsin. Wanda ya ce zai ji daɗi in akwai, kuma ba zai so ba in babu, abin na gwargwado ne a wurinsa. Wanda ya ce zai ji daɗi in akwai, amma in babu ya ba da ɗaya daga amsoshin tsakiya guda uku, na burgewa ne. Wanda ya ba da amsar tsakiya in akwai, kamar "ai haka ya kamata", amma in babu ya ce ba zai so ba, na dole ne. Tsakiya da tsakiya ko-oho ne. Wanda ya ƙi samuwar abin ko ya ji daɗin rashinsa, na akasi ne. Wanda kuma ya ce zai ji daɗi a duka biyun, ko ba zai so ba a duka biyun, bai fahimci tambayar ba, sai a ware takardarsa. In irin wannan ta yi yawa a kan abu ɗaya, laifin yadda aka tsara tambayar ne.

Bari mu yi lissafi da adadin da na ƙaga don misali kawai, naka zai bambanta. A ce ka tambayi mutum 40 a kan abubuwa huɗu. A kan rashin buɗe hotuna da saƙonni, 29 suka faɗa dole, 7 gwargwado, 1 burgewa, 3 ko-oho. A kan gama aiki a rana ɗaya, 22 gwargwado, 8 dole, 6 burgewa, 4 ko-oho. A kan wayar aro, 24 burgewa, 4 gwargwado, 2 dole, 10 ko-oho. A kan sanyi da talabijin, 26 ko-oho, 12 burgewa, 2 gwargwado, ba ko ɗaya a dole. Jinsin da ya fi rinjaye shi ne na abin. Amma akwai lissafi biyu da aka ƙara wa tsarin a 1993 da ke nuna ƙarfin abin, ɗaya na daɗin da za a ji in akwai, ɗaya na haushin da za a ji in babu. In B burgewa ce, G gwargwado, D dole, K ko-oho:

```
daɗi   = (B + G) / (B + G + D + K)
haushi = (G + D) / (B + G + D + K)
```

Sirri ya ba da daɗi 8 cikin 40, wato 0.20, haushi kuma 36 cikin 40, wato 0.90. Aikin rana ɗaya ya ba da daɗi 0.70 da haushi 0.75. Wayar aro ta ba da daɗi 0.70 da haushi 0.15. Sanyi da talabijin daɗi 0.35, haushi 0.05. Ka dubi wayar aro da aikin rana ɗaya: daɗinsu ɗaya, amma rashin ɗaya yana ƙona rai, rashin ɗayan kusan ba a ji. Da a ce waɗannan ne amsoshin shagonka, da na'urar sanyaya ɗaki ce ta ƙarshe a layi, alhali ita ce ta fi cin kuɗi, kuma ba sau ɗaya take ci ba, kullum sai ta sha man janareto. Ƙananan wayoyin aro guda uku ko huɗu kuwa ba za su kai kuɗinta ba.

Ba ina cewa sanyi ba shi da amfani ba. A watan Afrilu yaron da ke riƙe da na'urar hura zafi a kan fanel yana bukatar iska mai kyau, kuma hannun da ba ya zufa ya fi yin aiki mai tsabta. In don ma'aikata za ka saya, wannan hujja ce daban kuma mai ƙarfi. Abin da nake hana ka shi ne ka saya da zaton shi zai jawo kwastoma ba tare da ka tambaye su ba. In yawancinsu ajiye waya suke yi su tafi harkokinsu su dawo, wa zai zauna ya sha sanyin?

Yanzu wuraren da wannan aiki ke karkacewa. Na farko shi ne kunya. In kai mai shago ka tsaya a gaban mutum kana tambayarsa, zai ce komai "zan iya haƙura" don kada ya ɓata maka, sai duk na dole su fito kamar ko-oho. Alamar haka ita ce ka ga kusan ba wanda ya zaɓi "ba zan so ba" ko a kan abu kamar gogewar hotuna. Maganinsa ka ba wa ƙanin naka aikin, ya tsaya nesa da kanta ko ya kira su a waya bayan kwana biyu, ya ce binciken makaranta ne da kuma neman inganta shago, kuma ba a rubuta suna. Ya riƙa karanta musu amsoshin biyar da Hausa iri ɗaya ga kowa, kada ya canza lafazi daga mutum zuwa mutum.

Na biyu shi ne tambaya mai faɗi. "In aikinmu yana da inganci yaya za ka ji?" ba tambaya ba ce, kowa zai ba da amsa ɗaya. Sai an sa abu takamaimai da za a iya gani ko ƙirgawa: garantin kwana 30 a kan sikirin, kira kafin a yi filashin, mayar da tsohon kaya. Kada kuma ka cusa farashi a ciki, domin duk abin da aka ce kyauta ne za a ce ana so. Ka tsaya a abu shida zuwa takwas, tambaya 12 zuwa 16 ke nan, in ta wuce haka mutane za su fara amsawa don su rabu da kai.

Na uku, kuma wanda ya fi ba da ilimi, shi ne amsa ta rabu kusan biyu. A ce a kan garantin kwana 30 ka samu 15 dole, 14 gwargwado, 8 burgewa, 3 ko-oho. Ƙa'idar da aka saba bi in aka yi kunnen doki ita ce a fifita dole a kan gwargwado, gwargwado a kan burgewa, burgewa a kan ko-oho, domin ɓarnar rashin na dole ta fi girma. Amma kafin ka yanke hukunci ka raba takardun gida-gida. Sau da yawa rabuwar amsa tana nufin kwastomomi iri biyu ne a cikin tarin. Mai babbar waya da ya biya kuɗi mai nauyi don sikirin yana ganin garanti haƙƙinsa ne. Mai ƙaramar itel da ya canza sifika bai ma san ana bayarwa ba, in ya samu sai ya yi mamaki. Haka ma aikin rana ɗaya: a wurin mai POS ko ɗan kasuwar da ke karɓar oda ta waya ya kusa zama dole, domin wuni ɗaya ba waya asarar ciniki ce. Shi ya sa a saman kowace takarda ake rubuta irin wayar, irin aikin da aka yi, da sana'ar mutum. Kada ka manta da matan da ba su zuwa da kansu, sai dai su aiko yaro ko ɗan'uwa. Su ne maganar sirri ta fi shafa, kuma in ka tambayi ɗan aike kawai ba za ka taɓa jin ra'ayinsu ba. A nemi wata 'yar'uwa ta kira su.

Akwai kuma iyakar da tsarin ba ya ƙetarewa. Yana gaya maka yadda mutane suke ji game da abu, ba ya gaya maka ko kana yin abin da kyau a yanzu, ba ya kuma gaya maka kuɗinsa. Sirri na iya fitowa dole da 0.90 alhali shagonka ya riga ya kiyaye shi, to babu abin kashewa a nan. Don haka kusa da kowane abu ka rubuta yadda kake a yau. Hanya mafi sauƙi ta sanin hakan ita ce littafin dawowa: duk wayar da aka dawo da ita cikin mako biyu a rubuta dalili da sunan wanda ya yi aikin. Bayan wata ɗaya za ka ga inda rufinka yake yoyo. Sannan mutum 40 ba su isa ka yi rantsuwa a kan bambancin 15 da 14 ba, sun isa dai su nuna maka bambancin 29 da 3. Kuma waɗanda ka tambaya su ne waɗanda suka zauna da kai. Waɗanda suka gudu, da za su fi kowa faɗa maka gaskiya, sai ka bi tsofaffin rasit ka nemo goma daga cikinsu.

Da ni ne kai, ga yadda zan taɓa dubu 600 ɗin nan bayan an tattara amsoshin. Zan fara da duk wani na dole da littafin dawowa ya nuna ina faɗuwa a kai: rasit, ledojin tsohon kaya, akwati mai kulle na wayoyin da suka kwana, takardar gwaji da aka manna a gaban kowane yaro, da zama na musamman da yaran a kan cewa buɗe hoton kwastoma laifin kora ne. In kana yawan taɓa iPhone, na'urar kwashe bayanan sikirin ma a nan take shiga. Kaso mafi girma zan zuba shi a na gwargwado guda ɗaya da na zaɓa, wataƙila sauri, ta hanyar ajiye sikirin da batir da ƙasan caji na samfura biyar ko shida da rasit ɗinka ya nuna sun fi shigowa, yawanci a wajenmu Tecno da Infinix da itel da ƙananan Samsung, don yaro ya daina barin aiki yana zaga kasuwa neman kaya. Abin da ya rage sai in sayi wayoyin aro biyu in gwada wata uku, ina rubuta wanda ya karɓa da lambar rasit ɗinsa, in ga ko suna dawowa lafiya kuma ko mutane na zuwa suna cewa wane ne ya turo su. Bayan shekara ɗaya ƙaninka ya sake zagayawa da tambayoyin nan, ya ƙara sababbi biyu ko uku, ka ga ko wayar aron tana nan a burgewa ko maƙwabta sun kwaikwaya ta fara saukowa.